Kafin ka biya kuɗin fomatin karo na uku, ka gwada RAM ɗinka ɗaya bayan ɗaya

Duk mai riƙe da wayar Android ya san maganar nan: da zarar waya ta fara tsayawa ko kashe kanta, abin da za a fara ce maka shi ne a yi mata filashin. Wannan ɗabi'ar ce muka kwaso muka kawo wa kwamfuta. Laftop ta nuna shuɗin sikirin sau biyu ko uku, ka kai ta shago, mai gyara bai ko buɗe ta ba zai ce maka Windows ɗin ne ya lalace, a yi fomatin. Ka biya, a goge komai, ka dawo gida ka kwana kana sauke manhajoji da datarka. Bayan kwana huɗu shuɗin sikirin ya dawo.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Idan shuɗin sikirin yana zuwa ba tare da tsari ba, kuma kowane zuwa da saƙo daban, fomatin ba shi ne matakin farko ba. Matakin farko shi ne gwada RAM. Kuma gwajin da zai ba ka amsar da za ka iya kashe kuɗi a kanta shi ne wanda aka yi wa katin RAM ɗaya bayan ɗaya, ba duka a haɗe ba.

Abin da ya sa na tsaya a kan wannan ra'ayi

Ƙanina ɗalibi ne, yana rubuta furojet ɗinsa na ƙarshe a kan wata laftop ta hannu da muka saya masa. Tana da katin RAM guda biyu, kowanne 8GB, nau'in DDR4. Wata biyu tana aiki lafiya, sai ta fara faɗuwa. Yau yana cikin Word ta yi shuɗi. Gobe yana kallon bidiyo a Chrome ta yi. Wata rana ma ba ya taɓa ta, tana ajiye a kan tebur, ya waiwayo ya ga ta kashe kanta ta sake tashi.

An yi mata fomatin sau biyu a wani shago. A karo na biyu mai gyaran ya ce watakila SSD ɗin ne, a sayi sabo. A nan ne ya kira ni.

"Yaya, ni dai tsorona babi na uku. Jiya fayil ɗin ya ƙi buɗewa, sai da na koma kan wanda na tura wa kaina a imel."

Na tambaye shi abin da sikirin ɗin ke rubutawa idan ya yi shuɗi. Ya ce bai taɓa tsayawa ya karanta ba. Na ce masa daga yau duk lokacin da ta faɗi, ya ɗauki hoton da wayarsa. Cikin mako guda ya turo mini hotuna huɗu, kuma babu biyu da suka zo iri ɗaya:

```
MEMORY_MANAGEMENT
IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL
PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA
SYSTEM_SERVICE_EXCEPTION
```

Wannan bambancin shi ne alamar da ya kamata a fara dubawa tun kafin fomatin na farko.

Me ya sa saƙo mai canzawa ke nuna RAM

Shuɗin sikirin ba cuta ba ne, tsayawar gaggawa ce. Idan Windows ya ga wani abu a can cikin zuciyarsa ya saɓa wa yadda ya kamata, yakan gwammace ya tsaya cak da ya ci gaba ya ɓata bayanai. Kalmomin da yake rubutawa da manyan baƙaƙe suna gaya maka irin saɓanin da ya gani. A sababbin Windows 11 Microsoft ta mayar da launin sikirin ɗin baƙi tun 2025, amma saƙon yana nan a ƙasa, kuma ma'anarsa ba ta canza ba.

Idan direban wata na'ura ne ke da matsala, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da kayan cikin kwamfuta, faɗuwar takan maimaita kanta. Saƙo ɗaya, sunan fayil ɗaya, sau da yawa ma a lokacin aiki ɗaya. Babban misali shi ne abin da ya faru ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da wani sabuntawa na manhajar tsaro ta CrowdStrike ya kifar da kwamfutoci a filayen jirgin sama da bankuna da asibitoci a faɗin duniya. Microsoft ta ƙiyasta cewa kusan na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa. Dukansu suna faɗuwa ne ta hanya ɗaya, saboda mai laifin ɗaya ne kuma yana aikata abu ɗaya kowane lokaci.

RAM mai lahani ba haka yake ba. Katin 8GB yana ɗauke da ƙananan ɗakunan ajiya sama da biliyan 68, kowanne yana riƙe da sifili ko ɗaya. A ce ɗaki ɗaya daga cikinsu ya raunana, an ba shi ɗaya ya mayar da sifili. Windows ba ya ajiye abu ɗaya a wuri ɗaya kullum. Yau wani ɗigon hoto ne ya faɗa ɗakin, ba za ka ma lura ba. Gobe Chrome ne, sai shafi ya rufe kansa. Jibi wani muhimmin adireshi na Windows ne, sai shuɗin sikirin. Ɗakin da ya lalace ɗaya ne, amma wanda ya kwana a ciki daban ne kowace rana, shi ya sa kukan ke canzawa.

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa fomatin ba ya magani. Fomatin yana goge abin da ke kan SSD ne ko hadis. Bai taɓa RAM ba ko kaɗan. Mafi muni ma, duk fayil ɗin da ake sakawa lokacin ɗora sabon Windows ta cikin RAM ɗin nan yake bi. Ana iya ɗora maka Windows sabo fil ya zo da lahani tun daga ranar farko. Haka kuma fayil ɗin furojet ɗin da ya ƙi buɗewa: ya bi ta cikin RAM kafin a adana shi.

Ban ce duk shuɗin sikirin mai canzawa RAM ne ba. Zafi, ko wutar da ba ta isa ba, ko furosesa mai matsala duk suna iya kawo irinsa. Amma RAM ne ya fi sauƙin gwadawa, gwajin kyauta ne, kuma ba ya goge maka komai. Wanda ya fara da abin da zai goge masa fayiloli kafin abin da ba zai taɓa su ba, ya juya lissafin.

Gwajin da ke cikin Windows bai isa ya rufe magana ba

Windows yana da nasa abin gwajin. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta:

```
mdsched.exe
```

Kwamfutar za ta sake tashi ta gwada RAM, sannan ta koma Windows. Idan ba ka ga sakamakon ba, yana cikin Event Viewer, ƙarƙashin Windows Logs sannan System, da sunan MemoryDiagnostics-Results. Idan ka danna F1 lokacin da gwajin ya fara, za ka iya zaɓar Extended, wanda ya fi tsawo kuma ya fi bincike.

Wannan gwajin yana da amfani ta fuska ɗaya. Idan ya ce ya ga matsala, ka yarda da shi. Idan ya ce bai gani ba, kada ka ɗauka an wanke RAM ɗin. A laftop ɗin ƙanina mun yi shi a matakin Standard, ya gama ya ce babu komai. Washegari ta sake faɗuwa. Ɗakin da ya raunana ba kullum yake kuskure ba. Wani sai katin ya ɗauki zafi, wani sai an rubuta wani tsari na musamman a ɗakunan da ke maƙwabtaka da shi. Gajeren gwaji yana iya wucewa ta kansa bai kama shi ba.

Shi ya sa na fi son MemTest86 na kamfanin PassMark. Yana da nau'in kyauta, kuma yana tashi ne daga filash, ba daga cikin Windows ba, don haka kusan duk RAM ɗin yana hannunsa. Za ka sauke shi daga shafin kamfanin, a ciki akwai ƙaramar manhaja mai suna imageUSB da za ta rubuta shi a kan filash. Ka sani za ta goge duk abin da ke kan filash ɗin. Idan ta gama, ka kashe kwamfutar, ka kunna kana danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi: F9 a yawancin HP, F12 a yawancin Dell da Lenovo. Ka zaɓi filash ɗin, gwajin zai fara da kansa.

Akwai wani mai kama da suna, Memtest86+, wanda aikin wasu ne daban kuma shi ma kyauta ne. Yana da kyau, musamman ga tsofaffin kwamfutoci, sai dai yakan buƙaci a kashe Secure Boot kafin ya tashi. Idan kwamfutarka tana da BitLocker, kada ka taɓa Secure Boot sai ka tabbata lambar buɗe ta tana hannunka, don tana iya neman lambar a tashi na gaba.

MemTest86 na kyauta yana zagayawa sau huɗu, kowane zagaye da jerin gwaje-gwaje daga Test 0 zuwa Test 13. Abin da yake yi mai sauƙin fahimta ne: ya rubuta wani abu a kowane ɗaki, ya dawo ya karanta, ya kwatanta. Ƙa'idar karanta sakamakon ɗaya ce. Adadin da aka yarda da shi a gaban kalmar Errors sifili ne. Kuskure ɗaya tak faɗuwa ne.

Yadda muka yi, mataki bayan mataki

Mun fara da katunan biyu a ciki, yadda laftop ɗin take. Zagaye na farko ya wuce lafiya. A zagaye na biyu jan rubutu ya bayyana, irin wannan:

```
Expected: FFFFFFFF
Actual:   FFFFF7FF
```

Na sama shi ne abin da aka rubuta, na ƙasa abin da aka samu. Bambanci tsakanin F da 7 ɗin nan ɗaki ɗaya ne tak ya juya daga ɗaya zuwa sifili. Kurakuran da suka biyo baya duk a wuri ɗaya suke bambanta. Wannan ya tabbatar mana akwai matsala a ɓangaren RAM. Bai gaya mana ina take ba.

A nan mutane da yawa ke yin kuskure na biyu. Sun ga ja, sai su sayi sabon RAM gaba ɗaya, ko su zare kati ɗaya bisa zato. Gaskiya ne gwajin yana nuna adireshin wurin da kuskuren ya faru, amma idan katuna biyu suna aiki tare, kwamfutar tana raba adireshi tsakaninsu ne kaɗan nan kaɗan can, don ta yi sauri. Ba za ka iya cewa rabin farko na wannan katin ne, rabi na biyu na wancan ba. Kuma ba katunan kaɗai ake zargi ba. Akwai guraben da ake soke su, akwai hanyoyin da ke kan madabod, akwai kuma sashen da ke sarrafa RAM, wanda a kwamfutocin yanzu yana cikin furosesa ne. Hanya ɗaya ta raba su ita ce ka canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji.

Mun kashe laftop ɗin gaba ɗaya, muka cire caja, muka buɗe bayanta, muka zare igiyar batir daga madabod, muka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wuta ta fita. Kafin in taɓa katin na taɓa ƙarfen taga. Wannan ba camfi ba ne. A lokacin hunturu, da iska ta bushe, ka san yadda hannu ke ɗan tartsatsi idan ka taɓa ƙofar mota. Ƙasa da wannan ma ya isa ya lalata kati. Katin laftop yana da 'yan ƙarafa biyu a gefe, idan ka buɗa su waje zai ɗago da kansa a karkace, sai ka zare shi ta gefuna, ba ta haƙoran zinaren ba.

Muka manna ƙaramar takarda a kan kowanne, ɗaya A ɗaya B. Kada ka raina wannan. Katuna biyu masu kama da juna a kan tebur da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ba za ka tuna wanne ka gwada ba.

Gwaji na farko, A shi kaɗai a gurbi na ɗaya. Ya gama zagaye huɗu cikin kusan awa uku, babu kuskure. Wannan ya wanke abu biyu lokaci guda: katin A da gurbi na ɗaya. Gwaji na biyu, B shi kaɗai a wannan gurbin dai na ɗaya. Kafin ya gama zagaye na farko ja ya fito, da bambanci a wuri guda kamar na baya. Tunda gurbin ya riga ya nuna lafiyarsa da katin A, laifin ya koma kan B. Ba mu jira ya gama ba, don kuskure ɗaya ya wadatar.

Ƙanina ya ce to shi ke nan, a je a sayo. Na ce saura ɗaya. Gwaji na uku, A a gurbi na biyu. Dalili shi ne B a gurbi na biyu yake zaune tun farko, kuma ba mu san lafiyar gurbin ba. Idan shi ma yana da lahani, sabon katin da za mu saya zai shiga wuri mara kyau ne, mu dawo inda muka fara. A ya wuce a gurbi na biyu lafiya. Sai a nan muka san ainihin abin da za mu saya: kati ɗaya, ba biyu ba, ba SSD ba, ba sabuwar laftop ba.

Idan sakamakonka ya zo daban

Ba kowa zai samu amsa mai sauƙi irin tamu ba, amma tsarin yana ba da amsa ko ta wace fuska ta zo. Idan duka katunan sun wuce a gurbi ɗaya sun faɗi a ɗayan, gurbin ne ko madabod, kuma sayen RAM ba zai amfana maka komai ba. Idan duka sun faɗi a ko'ina, ka aro kati mai lafiya daga aboki ka gwada. Shi ma idan ya faɗi, matsalar ta wuce RAM, ta koma madabod ko furosesa.

Akwai kuma wanda ya fi rikita mutane: kowanne ya wuce shi kaɗai, amma a haɗe suna faɗuwa. Wannan yakan faru idan katunan ba iri ɗaya ba ne, abin da ake yawan samu a laftop ta hannu da aka ƙara wa RAM kafin a sayar. A babbar kwamfutar tebur ta masu wasan gem kuma, sau da yawa saurin da aka ɗora wa RAM ne ta hanyar XMP ko EXPO a cikin BIOS ya fi ƙarfin na'urar. Ka kashe shi ka sake gwadawa kafin ka zargi kowane kati.

Wani lokaci kuma cirewa da mayarwar kaɗai ke gyara abin. Ƙura ta shiga gurbi, ko katin bai zauna daidai ba bayan laftop ta sha jijjiga a jaka. Idan a haɗe sun faɗi, ka gwada su ɗaya ɗaya sun wuce, ka mayar da su tare suka sake wucewa, to da alama zama ne bai yi ba. Ka ci gaba da sa ido na wasu kwanaki.

Abin da masu ja da ni za su ce

Mai gyara zai ce wa ke da wannan lokacin? Gwaji uku ko huɗu, kowanne awanni, ga wuta ba tabbas, ga mai kaya yana tsaye yana son kayansa yau. Fomatin awa ɗaya ne. Wannan hujja ce ta gaske, kuma ban raina ta ba. Amma gwajin ba ya buƙatar a zauna a gabansa. Ka kunna shi ka koma kan wata na'urar. Kuma katin da ya lalace sosai yakan tona kansa cikin mintoci, mai lafiya ne ke cin awanni. Mu mun gama komai cikin dare biyu. Fomatin biyun da aka yi kafin nan, da sake sauke manhajoji, da zirga-zirgar shago, sun ci mana fiye da mako biyu. Game da wuta, ka sa laftop a caja lokacin gwajin, ka mayar da igiyar batir kafin ka kunna, don ɗauke wuta kada ya katse maka. Ka kuma ɗora ta a kan tebur inda iska ke shiga, ba a kan katifa ba.

Wani zai ce ba kowa ne zai iya buɗe laftop ba. Haka ne. Idan tana da garanti, ko bayanta irin mai wuyar ɓallewa ne, kada ka matsa. Amma gwajin farko, na katuna a haɗe, ba ya buƙatar sukundireba. Ka yi shi a gida, ka ɗauki hoton jan rubutun da wayarka, ka tafi shago da shi. Maganarka da mai gyara za ta canza: ba "tana ba ni matsala" za ka ce ba, cewa za ka yi a gwada maka katunan ɗaya bayan ɗaya.

Hujja ta uku ita ce mafi ƙarfi. Siraran laftop da yawa na yanzu RAM ɗinsu a like yake da madabod, kamar na wayarka, babu abin da za a zare. A irin wannan babu gwajin ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka gwajin yana hana ka zuba kuɗi a fomatin da SSD, ya gaya maka cewa aikin na madabod ne. Wasu kuma rabi a like ne, rabi a gurbi. A nan ka zare na gurbin ka gwada na liken shi kaɗai. Idan ya wuce, ka san inda za ka duba.

Sannan in faɗi iyakar abin: wucewa zagaye huɗu ba rantsuwa ba ce. Akwai lahanin da sai ana aiki mai nauyi, na'urar ta yi zafi sosai, yake fitowa. Idan gwaji ya wuce amma faɗuwar ta ci gaba, ka yi kwana biyu ko uku kana aiki da kati ɗaya kawai, sannan ka canza zuwa ɗayan. Tsarin dai ɗaya ne, sai dai wannan karon aikinka na yau da kullum ne abin gwajin.

Bayan an sayi sabon kati

Mun sayi kati ɗaya mai 8GB, DDR4, mai saurin da ya yi daidai da wanda aka rubuta a jikin A. Ba mu ɗauka yana da lafiya don sabo ne ba. Mun gwada shi shi kaɗai, sannan muka gwada su biyun a haɗe. Bayan nan muka buɗe Command Prompt a matsayin Administrator muka rubuta:

```
sfc /scannow
```

Wannan yana duba fayilolin Windows ya gyara waɗanda suka lalace, kuma yana da muhimmanci ga kwamfutar da ta daɗe tana aiki da RAM mai lahani. Ƙanina kuma ya bi fayilolin furojet ɗinsa ɗaya bayan ɗaya yana buɗewa, ya tabbata babu wanda ya ɓaci. Tun daga lokacin laftop ɗin ba ta sake yin shuɗi ba.

Yanzu idan zan raka wani sayen laftop ta hannu, filash ɗin MemTest86 yana aljihuna. Nakan roƙi mai shago ya bar ni in yi ko zagaye ɗaya ne kafin a biya kuɗi, in kuma nemi ya ba mu kwana biyu na gwaji a gida. Zagaye ɗaya ba zai kama kowane lahani ba, amma zai kama wanda ya yi muni, kuma kamawar a gaban mai shago ta fi sauƙin warwarewa fiye da bayan wata biyu.